Rahoton tiyata na wanda zai sake buɗe cikin ne

Akwai wani irin rahoton tiyata da ya zama ruwan dare a fayilolin asibitocinmu, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu daina karɓarsa. Layi huɗu ne ko biyar, ma'anarsu ita ce: an buɗe ciki, an ga huda a hanji, an ɗinke, an wanke, an rufe kamar yadda aka saba. Sai sa hannun da ko mai shi ba lallai ya gane shi ba bayan wata guda. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma babu abin da wani likita zai iya dogara da shi.

'Yan uwana likitoci, musamman ƙannenmu da ke koyon aiki, ra'ayina shi ne mu tambayi kanmu wa muke rubuta wa wannan takarda. Ba shugaban sashe ba ne, ba kuma ma'aikacin ɗakin ajiyar fayil ba. Mutumin da za a taso da ƙarfe biyun dare ne, bai taɓa ganin mara lafiyar ba, wayarka a kashe, ga ciki ya kumbura, dole ya yanke shawara kafin asuba. Duk abin da idonka ya gani a cikin nan, in ba ka rubuta ba, ya tafi da kai gida.

Bari in ɗauki aikin da kusan kowane likitan tiyata a arewa ya sha yi, wato hujewar hanji ta zazzaɓin taifot. Cutar takan ci ƙarshen ƙaramin hanji, yawanci cikin santimita 60 na ƙarshe kafin mahaɗarsa da babban hanji, kuma a mako na biyu ko na uku na zazzaɓin take hudawa. A ce yaro ne ɗan shekara 14, an yi masa aiki, kwana biyar lafiya lau. A rana ta shida zazzaɓi ya dawo, bugun zuciya ya hau, ruwa mai warin bayan gida ya fara tsattsafowa ta ɗinkin ciki. Likita na biyu ya buɗe, ya tarar da rami a hanji. Abubuwa huɗu ne za su iya kawo ramin nan: ɗinkin farko ya warware, ko cutar ta sake huda wani wuri, ko tun farko akwai hudar da ba a gani ba, ko kuwa hannun likita ne ya ji wa hanjin rauni. Rahoton layi biyar ɗin nan bai isa ya raba masa ko biyu daga ciki ba.

To ga yadda ya kamata a ce an rubuta sashen abin da aka tarar. An tsaga ta tsakiyar ciki. An zuƙe mugunya gauraye da bayan gida kimanin lita ɗaya da rabi. Huda biyu ce, duka a gefen hanji da ke nesa da jijiyoyin jininsa: ta farko santimita 12 daga mahaɗar babban hanji, faɗinta santimita 1, ta biyu a santimita 25, faɗinta rabin santimita. A santimita 40 akwai wurin da ya yi siriri, bai huje ba, an naɗe shi da ɗinki. An bi ƙaramin hanji da hannu tun daga mahaɗar har farkonsa, ba a ga wata huda ba. Afendis lafiya lau, an bar shi. Matsarmama lafiya. An yanke bakin kowace huda, an ɗinke ta a kwance, ninki biyu, da zaren bikiril 2/0. Yayin raba hanjin da ya manne, fatarsa ta waje ta yage a santimita 90, ba ta kai ciki ba, an ɗinke.

Ku duba abin da likita na biyu ya samu. Ya san wuraren ɗinki huɗu zai nema, kuma ya san jerinsu daga ƙasa zuwa sama. Idan uku ya gani, ba zai rufe ciki ba sai ya lalubo na huɗu. Gaskiya ne hanjin da ya kumbura ba ya ba da awo daidai da na ranar farko, amma jerin ba ya canzawa. Idan ramin a ɗinki na farko yake, aikin ne ya warware, kuma hanjin da ya ƙi riƙe zare sau ɗaya ba a cika yarda da shi karo na biyu ba. Idan a na uku ne, wurin nan mai siriri ne ya ƙarasa hujewa. Idan kuwa tsakanin na uku da na huɗu ne, inda aka rubuta cewa an duba babu komai, to mai yiwuwa sabuwar huda ce, cutar ba ta kwanta ba, sai a sake duba maganin da ake ba shi. A irin wannan yaro, da yawa daga cikinmu za su yanke yankin da ya haɗa ɗinkunan ƙasa guda uku, su fito da bakin hanji ta fatar ciki, su bar haɗawa sai jiki ya murmure. Shawara ce mai nauyi ga yaro da iyayensa, kuma an fi yanke ta da natsuwa idan an san yadda hanjin yake kwana shida da suka wuce.

Jimlar da na fi so a rahoton nan ita ce wadda ta ce an bi hanji duka ba a ga wata huda ba. Abin da aka duba aka tarar lafiya shi ma bincike ne. In ka yi shiru a kan afendis, mai karatu ba zai san ko ka duba ka ga lafiya ba ne, ko ba ka duba ba, ko ma ka cire ka manta ba ka faɗa ba. Bayan shekara uku yaron zai zo da ciwon mara ta dama, wani ya tsaya yana canki-canka. Haka kuma in akwai inda ba ka iya kaiwa ba, saboda mannewa ko saboda mai ba da maganin barci ya ce jini na sauka a hanzarta, rubuta hakan ƙarara. Cewa ban duba sama da nan ba ya fi shiru amfani nesa ba kusa ba.

Sai maganar da ba a son yi, wato yagewar nan ta santimita 90. Na san abin da ke hana mutane rubuta irinta. Ƙaramin likita na tsoron faɗan oga a zagayen safe, babba kuma na tunanin ranar da za a ɗauki fayil a kai gaban kwamitin ladabtarwa ko kotu. Ban raina wannan tsoron ba. Amma duk wanda ya taɓa raba hanjin da ya kwana uku cikin mugunya ya san yana yagewa ko a hannun gwani. Raunin da aka gani, aka gyara, aka rubuta, wani ɓangare ne na aikin. Wanda aka ɓoye kuwa, ranar da ya yi yoyo wani zai gano shi da zarenka a jiki, kuma a ranar ba a kan yagewar za a tuhume ka ba. Ba a buƙatar dogon bayani ko kare kai. A faɗi inda ya faru, zurfinsa, abin da aka yi, da abin da za a sa wa ido. Haka zubar jini: a rubuta kimanin yawansa da leda nawa aka ƙara, a bar cewa kaɗan ne.

Idan an yanke hanji, kusan kowa na rubuta tsawon abin da ya cire. Wanda zai zo baya tsawon abin da ya rage ya fi damunsa, domin tsawon hanji ya bambanta sosai tsakanin mutane, kuma babban mutum da ƙaramin hanjinsa ya gaza santimita 200 yana iya shiga matsalar rashin tsotsar abinci da ruwa. Likitan da zai sake yanka yana bukatar sanin nawa ne a hannu kafin ya taɓa. Auna shi ba ya cin minti biyar.

Wanda aka fitar wa hanji ta fatar ciki kuwa, nasa rahoton ya fi kowanne tsawon rai, don sai bayan wata biyu ko uku ake mayarwa, sau da yawa a wani asibitin daban. Mutum zai taso daga babban asibitin ƙaramar hukuma zuwa Malam Aminu Kano ko Shika ko asibitin koyarwa na Sakkwato, riƙe da 'yar takardar turawa. Abin da mai mayarwa ke son sani kaɗan ne: lanƙwasa aka fito da ita mai baki biyu, ko baki ɗaya ne? In ɗaya ne, ina aka bar ɗaya bakin, santimita nawa ya rage kafin babban hanji, an sa masa alamar zaren nailan ko ba a sa ba? Rashin wannan layin kan mai da aikin awa ɗaya ya koma na awa uku ana laluben hanji cikin mannewa, kuma a wurin laluben ake sabon rauni. Shi ya sa nake ganin duk wanda aka sallama da irin wannan aiki a ba shi kwafin rahoton a hannunsa, ko iyayensa su ɗauki hotonsa a waya. Fayil na ɓata, likita na canza wurin aiki ko ya bar ƙasar.

Sauran abubuwan ba sai na daɗe a kansu ba. Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila ta jera su a ƙa'idojinta na 2014: rana da lokaci, sunayen masu aiki, irin tsagar, abin da aka cire, yadda aka rufe, magungunan kariya, umarnin bayan aiki, sa hannu. Takardar tantancewa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fito a 2008 ta sa a tabbatar da ƙidayar goz da allura da kayan aiki kafin mara lafiya ya bar ɗaki. A rubuta cewa ƙidaya ta cika. In da gangan aka bar goz a ciki don tsayar da jini, a faɗi guda nawa, a ina, da ranar cirewa. Fom mai gurabe yana taimakawa wajen waɗannan, ina goyon bayansa. Abin da ba zai iya ba shi ne sashen abin da aka tarar, nan dole a rubuta da jimla, a kuma zana. Zanen hanji da ɗigo huɗu da lambobi a gefe, ko bai yi kyau ba, ana gane shi cikin daƙiƙa goma.

Wa zai rubuta? Al'adar da ake miƙa biro ga mafi ƙanƙanta a ɗakin tiyata, oga ya wanke hannu ya wuce, ita ce tushen rahoton layi biyar. Ƙaramin likitan nan ƙarfen buɗe ciki ya riƙe awa biyu daga gefe, bai ga santimita 40 ba balle ya auna. In don ya koya ne, madalla, amma wanda ya yi aikin ya faɗi awon da baki yana yi, wani na rubutawa, sannan ya karanta ya gyara kafin ya sa hannu, tun mara lafiya bai bar ɗakin farfaɗowa ba. Bayan aiki na uku a dare ɗaya, hudar wannan da ta wancan sun riga sun cakuɗe a ka.

Umarnin bayan aiki ma ya zama mai lamba. Cewa a sa ido sosai ba ya gaya wa nas ɗin dare komai. A rubuta cewa robar da ke fitar da ruwa tana ƙasan mara, ta fito ta hagu, a auna abin da ta fitar kullum, kada a cire sai an sake dubawa, a kira likita nan take in ruwan ya koma kore ko ya yi warin bayan gida, ko bugun zuciya ya haura 120, ko fitsari ya gaza mil 20 a awa ga yaro mai kilo 40. A ƙarƙashin sa hannu kuma a rubuta cikakken suna da manyan baƙaƙe da lambar da za a same ka.