Ya kamata sanarwar sabon tsarin hutu ta faɗa wa ma'aikaci ranar da zai dawo aiki

Idan aka gyara ƙa'idojin hutu a ma'aikata, abin da aka saba yi shi ne a liƙa takarda a allon sanarwa mai cewa an yi wa sashe kaza kwaskwarima, kowa ya kiyaye. Direba da masinja da akawu su karanta, su wuce, ba wanda ya san ko an ƙara masa kwanaki ko an rage. A ganina irin wannan takarda ba ta sauke nauyin da aka ɗora mata ba. Aikinta shi ne ta nuna yadda abu yake a da, yadda ya koma yanzu, sannan ta yi lissafi ɗaya da ranakun wata na gaske.

Mu ɗauki gyaran da Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da shi a watan Satumba na 2021 a ƙa'idojin aikin gwamnati, lokacin Folasade Yemi-Esan na shugabar ma'aikata. Cikin abubuwan da suka canza har da yadda ake ƙirga hutun shekara. A da da kwanakin kalanda ake ƙirgawa, yanzu kuma da ranakun aiki. A takarda, ma'aikaci mai mataki na 07 zuwa sama yana nan da kwana 30 ɗinsa, don haka mai karatu cikin hanzari zai ce babu abin da ya canza. Alhali ya canza sosai.

Ga yadda sanarwar ya kamata ta bayyana shi. Wanda ya fara hutu ranar Litinin 5 ga Agusta 2024, a tsohon lissafi Asabar da Lahadi duk suna cikin talatin ɗin, hutunsa zai ƙare Talata 3 ga Satumba, ya dawo Laraba. Ranakun aiki 22 ne kawai ya huta a zahiri. A sabon lissafi kuwa, kwana 30 mako shida ne cif, sai Juma'a 13 ga Satumba hutun zai ƙare. Litinin da ke biye, 16 ga wata, gwamnati ta ba da hutun Maulidi, to sai Talata zai koma ofis. Wannan ɗan sakin layi ya fi shafi biyu na lambobin sashe amfani, domin kowa zai iya ɗora nasa kwanakin a kai. Shugaban sashe ma da shi zai tsara wanda zai riƙe wa mai hutu aiki, kada ya rubuta wa mutum takardar tuhuma a kan kwanakin da haƙƙinsa ne.

Hutun mahaifi shi ne inda taƙaitawa ta fi cutarwa. Labarin da ya bazu shi ne an ba maza kwana 14 idan matansu sun haihu. Takardar da ofishin shugabar ma'aikata ya fitar a watan Nuwamba na 2022 ta zo da sharuɗɗa: ranakun aiki 14 ne, sau ɗaya a cikin shekara biyu, kuma bai wuce 'ya'ya huɗu ba. A nan Arewa wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne. Magidanci mai mata biyu da suka haihu a shekara guda, hutu ɗaya zai samu. Sanarwar da ta ambaci kwana 14 ta yi shiru a kan sauran, ta sa bawan Allah ya shirya hidimar suna da kwanakin da ba za a ba shi ba.

Masu kula da harkokin ma'aikata kan ce suna tsoron sauƙaƙa magana ne, kada a bar wata kalma wani ya kafa hujja da ita gobe. Tsoron nan yana da tushe, kuma maganinsa layi ɗaya ne a ƙasa: wannan taƙaitawa ce, idan ta saɓa da cikakkiyar takarda, cikakkiyar ce ke aiki, ga kuma ofishin da za a same ta. Bayan haka a ba lauyan ma'aikata ya duba, sai a ba wani ƙaramin ma'aikaci ya karanta a tambaye shi yaushe zai dawo idan ya tafi hutu ranar Litinin. In ya kasa amsawa, a sake rubutu.

Ya kamata sanarwar ta kuma faɗi ranar da sabon tsarin ya fara aiki, da matsayin wanda ya riga ya cika fom kafin ranar, da waɗanda tsarin ya shafa. Ƙa'idojin nan na ma'aikatan tarayya ne. Mai aiki a kamfani mai zaman kansa, abin da Dokar Ƙwadago ta tanadar masa a matsayin mafi ƙaranci shi ne ranakun aiki 6 bayan wata 12 yana aiki, sai abin da takardar ɗaukarsa aiki ta ƙara masa a kai.