Me za ka rubuta a ƙasan hoton da ka fito kai kaɗai?

Da sanyin bara na je Yankari ba tare da kowa ba. Ba faɗa na yi da wani ba, ba kuma wani abu ne ya kore ni daga gida ba. Hutu na samu na kwana uku, na daɗe ina son in ga ruwan Wikki da idona, abokaina kuwa kowa da abin da ya riƙe shi, sai na kama hanyar Bauchi. Na karya kwana a Dindima, na shiga ta ƙofar Mainamaji, na yi tafiyar nan ta wajen kilomita 40 cikin daji kafin in isa masauki. Washegari da sassafe na sauka matattakalar da ke kai mutum ruwan, na jingina wayata da takalmina, na saita ta ƙirga daƙiƙa goma, na koma na zauna a bakin ruwan. Hoton ya yi kyau. Abin da na rubuta a ƙasansa shi ne: "Ni kaɗai, amma ba na jin kaɗaici. Alhamdu lillahi."

Ko awa ɗaya ba a yi ba yayata ta kira. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Auta, lafiya dai ko? Kai da wa kuma?" Na ce, "Wallahi Yaya lafiya ƙalau, hutawa kawai nake." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To ai wanda yake hutawa ba ya cewa ba ya jin kaɗaici. Wa ya tambaye ka?"

Maganar nan tata ta zauna min, kuma tun daga ranar nake kallon abin da mutane ke rubutawa ƙarƙashin irin waɗannan hotuna da wani ido daban. Ra'ayina yanzu shi ne, duk rubutun da ya fito yana musanta kaɗaici, shi ne ya fara kawo shi wurin. Mai kallon hoton ruwa ya gani garai-garai, da farin yashi a ƙasansa, da inuwar bishiyoyi, da mutum a zaune fuskarsa a sake. Babu kaɗaici a hoton. Ni na ɗauko kalmar da hannuna na ajiye masa, sannan na ce kada ya duba ta.

A Hausa abin ya fi tsanani, domin kunnenmu ya saba da habaici. Mun tashi muna jin zancen da ake faɗa wa bango alhali da mutum ake, a tsakar gida, a waƙar daka, a sunan da ake sa wa zane, a rubutun bayan mota. Saboda haka idan Bahaushe ya ga an rubuta "Ba na buƙatar kowa" ko "Zaman lafiya ya fi taron jama'a" ko "Gara ni kaɗai da mugun aboki", ba ya karanta shi a matsayin labarin tafiya. Nan take zai fara lissafin da wa ake. Matar aure ce, a ce da miji take. Saurayi ne, a ce an yaudare shi. Kai kana can kana shan iska, mutane suna nan suna raba maka rigimar da ba ka yi ba. Har addu'a ma tana iya zama haka. "Ni da Ubangijina sun ishe ni" magana ce mai kyau a ma'anarta, amma a ƙasan hoton mutum shi kaɗai yana kallon nesa, yadda ake jin ta shi ne mutane sun ba shi kunya.

Akwai kuma ƙananan kalmomin da ba ma kula da su, su ne suka fi tona mutum. A duba waɗannan biyun: "Na ji daɗin tafiyar nan" da "Ni kaɗai ma na ji daɗin tafiyar nan." Wannan "ma" ɗin ya amince tun farko cewa da an yi tsammanin ba za a ji daɗi ba. Haka "amma", haka "duk da", haka "ko ba kowa". Kowannensu yana buɗe gurbin mutumin da ba ya nan, ya nuna wa mai karatu kujerar da babu kowa a kai. "Ni dai" kuma sautin wanda ya haƙura ne da shi. In aka ƙara da ɗigo uku a ƙarshe, ko fure mai yaushi, ko aka ɗora wa hoton waƙar bege mai sanyi, to ko me aka rubuta a tsakiya an gama bayani.

Ba ina cewa haramun ne a ambaci cewa kai kaɗai ka je ba. Abin dubawa shi ne wurin da ka ajiye kalmar da nauyin da ka ɗora mata. Muna da "ni kaɗai", muna kuma da "da kaina". Na farkon ƙidaya ce, yana gaya maka mutum nawa ne, kuma ya rage saura. Na biyun aiki ne, yana gaya maka wa ya yi. "Na zo ni kaɗai" da "Na kawo kaina Yankari" labari ɗaya suke bayarwa, amma a na biyun akwai niyya, akwai wanda ya zauna ya tsara, ya tara kuɗin mota, ya zaɓi rana. Wanda ya kawo kansa ba a tausaya masa, sai dai a tambaye shi nawa ya kashe.

To da na goge wancan rubutun, me na sa? Na zauna a kan matattakalar na gwada kusan guda biyar. Na fara da "Tafiya mabuɗin ilimi." Ba laifi, amma duk wanda ya taɓa hawa mota ya rubuta shi, kuma za a iya manna shi a hoton tashar mota ko na filin jirgi, bai ce komai game da safiyar nan ba. Na gwada "Lokaci na kaina, hankalina kwance." Shi ma na goge, domin har yanzu ni ne abin magana, kamar mara lafiya yana ba da rahoton jikinsa. Sai na tambayi kaina abin da zan gaya wa Yaya da a ce tana zaune kusa da ni. Ba zan ce mata hankalina kwance ba. Cewa zan yi, "Yaya, taɓa ruwan nan ki ji." Domin abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Gari ana hunturu, hazo ya rufe sama, yatsuna sun ƙandare, amma ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dutsen nan ɗumi gare shi, yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Sai na rubuta: "Wikki, shida da rabi na safe. Gari sanyi, ruwa ɗumi. Na shiga da niyyar minti goma, na fito bayan awa ɗaya."

Babu kalmar daɗi a ciki, babu kalmar kaɗaici, babu "ni kaɗai". Amma mutumin da ya yi niyyar minti goma ya yi awa ɗaya, kowa ya san bai ƙosa ba, kuma kowa ya gane babu wanda ke tsaye a kansa yana cewa a tashi. Daɗin tafiya kai kaɗai ke nan, ikon lokacinka a hannunka, kuma an nuna shi ba tare da an kira sunansa ba. Amsoshin da suka biyo baya su ne suka tabbatar min. A rubutun farko abin da na samu shi ne "Allah ya yaye", "Haƙuri mutumina", "Muna tare". A na biyun kuwa: "Da gaske ɗumi gare shi?", "Nawa ne ɗaki?", "Ka ga giwa?" Ga ma'aunin da nake amfani da shi yanzu. In mutane suna tambayar ka game da wurin, rubutun ya yi aikinsa. In suna tambayar ka game da kai, akwai kalmar da ta yi ɗoyi a ciki, koma ka nemo ta.

Hoton yamma ma haka na bi da shi. Mun fita zagaye a motar daji zuwa wajen kogin Gaji, inda dabbobi ke taruwa shan ruwa idan rani ya yi, kuma da muka dawo wani gwaggon biri ya ɗauke ledar burodina a kan tebur ina kallo. Abin da na rubuta ke nan, layi ɗaya, da sunan wurin. Abu guda da ka gani, ko ka ci, ko ka ji ƙamshinsa, da lokaci, da wuri, sun isa. A Instagram ma farkon rubutun kaɗai ke fitowa kafin a yanke sauran, don haka abin da ka fi so a gani ya zo a gaba, ba falsafa ba.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, mutum ya rubuta abin da yake so mana. Na yarda shafinka ne. Amma mu mutane ne da ba mu saba ganin mutum ya yi tafiyar nishaɗi shi kaɗai ba. Muna cewa mutum rahama ne, in ka dawo daga tafiya ana tambayar ka mutanen can, in za ka tafi ana neman wanda zai raka ka. Tambayar "kai da wa?" daga ƙauna take fitowa, ba daga sa ido kaɗai ba, kuma mata sun fi mu shan ta, har da ƙarin "wa ya ɗauke ki hoton?" Bai kamata rubutunka ya zama martani ga masu ƙaunarka tun kafin su buɗe baki ba. In an tambaya, a amsa a sauƙaƙe: waya ce da takalmi. In kuma da gaske kana jin kewa, wannan ba abin kunya ba ne, amma maganinsa kiran waya ne ga wanda ka yarda da shi. Jirwaye a ƙasan hoto ba zai kawo maka wanda kake so ya kira ba, sai waɗanda ke son jin labari.

Abu ɗaya na yi kuskure a kai wanda ya wuce zaɓin kalma, kuma Yaya ce ta sake nuna min. Na sa hoton ina can, na faɗi wurin, na faɗi lokaci, a rubutun farko har na sanar cewa babu kowa tare da ni. A halin da hanyoyinmu ke ciki, wannan ba dabara ba ce, musamman a shafin da kowa ke iya gani. Yanzu sai na dawo gida nake sa hotunan, in rubuta "jiya" ko "makon jiya", 'yan gida kuwa su ke sanin inda nake tun kafin in tashi. Na ma lura rubutun ya fi fitowa da kyau bayan kwana ɗaya ko biyu, domin a lokacin abin da ya zauna a raina ya rarrabu da abin da kawai nake so a gani.

Da na dawo na kai wa Yaya tsarabarta, ta buɗe wayarta ta nuna min hoton da rubutun na biyu. Ta ce, "Wannan ne na karanta na ji ina son zuwa." Ta sa na lissafa mata kuɗin mota da na masauki a bayan wata takarda, ta naɗe ta sa a jaka, ta ce in an yi wa yara hutun ƙarshen shekara za ta yi wa maigidanta maganar.