Ƙannena, ku daina baje darasin malam layi ɗaya

Ƙannena ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ku nake. Na ga kayen wata ƙanwata a nan Maradi, abin ya dame ni. Malam ya haska musu darasin zaizayar ƙasa da majigi, ta ɗauki hoto da salula, da dare ta kwafe. Ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba, amma ta ɓata darasin.

A allon malam, manyan batutuwa biyu ne: zaizayar iska da zaizayar ruwa. Ƙarƙashin ta iska ya matsa ciki ya rubuta saran itatuwa da kiwon da ya wuce kima. Ƙarƙashin ta ruwa ya sa gangaren gona da ruwan sama mai ƙarfi. Uwa biyu, kowace da ƴaƴa biyu. Ita kuwa ta jera su shida a bakin layi, kowane da ɗigonsa. Ranar jarrabawa in an ce ta kawo nau'o'in zaizaya, saran itatuwa za ta rubuta, alhali shi dalili ne, ba nau'i ba. Matsawar nan da malam ya yi cikin darasin take.

Hoton ma yana ruɗi. In daga gefen aji ka ɗauka, allon yakan fito a karkace, layukan ƙasa su zama kamar an tura su ciki. Don haka kada ka dogara da tazara kaɗai. Dubi alamar da ke gaban layi: sau da yawa babban batu yana da ɗigo baƙi, ƙaramin kuma ƴar sanda ko ɗigo marar ciki, rubutunsa ma ya fi ƙanƙanta. Layin da ba shi da alama ko kaɗan, mafi yawanci ƙarshen jimlar sama ce da ta yi tsawo ta karyo, sai ka haɗa shi da ita.

Kafin ka ɗora bik, ƙirga uwayen, ka ƙirga ƴaƴan kowace. A kaye, fara uwa a bakin jan layi, ɗa kuma ka bar masa gida biyu. Abin da na fi so shi ne lamba: 1, sai 1.1 da 1.2, sannan 2, da 2.1 da 2.2. Tazara takan ɓace in salula ta ciro rubutu daga hoto ko ka tura wa ƴan ajinku a saƙo, amma lamba tana nan daram. Mai bugawa a Word ya sa alamar rubutu a farkon layin jerin ya danna Tab, layin ya sauka mataki ɗaya. Shift+Tab ke maido shi sama.

In ka gama, buɗe hoton ka sake ƙirga. Idan uwa biyu sun zama uku a kayenka, wani ɗa ne ya haye, don Allah nemo shi tun daren nan, tun muryar malam tana kunnenka.