Ƙafar R ce ta kai ni ƙasa

Duk wanda ya tura muku bidiyon nan na faɗawata cikin baho bai ba ku labarin farkonsa ba, don haka ga shi daga bakin mai shi. Alhajin robobi zai buɗe reshe, ya turo mini, ni mai rubutun alluna, hoton allon tsohon shagonsa ta WhatsApp, wai rubutun sabon allo ya zama sak irin wannan. Sunan samfurin haruffan fa? Ya ce ai ni ne masani. Wanda ya yi allon ya daɗe da barin gari.

Hoton kuwa daga cikin mota aka ɗauke shi, a karkace, ga bokitai rataye sun rufe gefe guda. Abin da ke jiki: ROBOBI DA KAYAN GIRKI, a ƙasa SARI DA ƊAI-ƊAI, sai lambar waya. Duk manyan baƙaƙe, masu kauri, babu ƙawa a bakinsu. Ina gani na san cikin biyu ne, Helvetica ko Arial. Helvetica ta fito a Suwizalan a 1957, aikin Max Miedinger. Arial ta kamfanin Monotype ce, 1982, kuma ta cika duniya ne don tana zuwa tare da Windows. Awo ba ya raba su, saboda faɗin haruffan Arial daidai yake da na Helvetica. O da I da N da B ma ba sa ba da shaida. Sai ka nemi haruffan da ke tona asiri, kuma a allon nan R da G da S ne.

R ta Helvetica ƙafarta kusan a miƙe take sauka, sai ta ɗan lanƙwashe a ƙasa. Ta Arial kuwa miƙa ƙafar take gefe a karkace. G ta Helvetica tana da ɗan gemu a ƙasa ta dama, ta Arial an aske mata. Bakin S a Helvetica a kwance aka yanke shi, daidai da layin rubutu, a Arial kuma yankan a jirkice yake. Na buɗe hoton har ya fara dusashewa. R ta ROBOBI ƙafa a miƙe. S ta SARI baki a kwance. Na ce wa yarona rubuta, Helvetica Bold. Sai ya sa yatsa a kan G ta GIRKI ya ce, "Oga, wannan ina gemunta?"

Babu gemu. R ɗin da ke cikin GIRKI, wadda za ta raba gardama, hannun bokiti ya bi ta kan ƙafarta. Na fara zargin hoton, domin wanda aka ɗauka daga gefe yana matse haruffa, na nesa su fi na kusa siranta. Amma matsi ba ya cire wa G gemu, tsuke shi kawai yake yi. Na kuma duba ko masu tsara rubutu a manhajar zane ta CorelDRAW ne suka matse shi don ya shiga allo. Wannan a O ake ganewa: a ka'ida gefunanta sun ɗan fi samanta da ƙasanta kauri, idan ka ga sama da ƙasa sun fi gefe kauri, an matse ta. O ɗin lafiya lau. Sai na hau adaidaita na tafi in gani da idona.

Allon yana sama, Alhaji ba ya nan, yaran shagon ba su san ni ba. Na roƙi mai shayin gefe aron benci, muka ja shi ƙarƙashin allon. A ɗaya ƙarshen wani dattijo ya zo ya zauna, mai rediyo a kunne, kun san shi, wanda ba ya sayen shayi amma kullum yana wurin. Na ce, "Baba, don Allah kada ka tashi sai na sauko." Ya ce, "Hau abinka, ɗana." Da bakinsa ya faɗa, akwai shaidu.

Na hau can ƙarshen bencin, na ɗaga dunduniya, hannu ɗaya na ture bokitin, ɗayan na riƙe waya. Na ga R ɗin ƙiri-ƙiri, ƙafarta a miƙe gefe, Arial ce tsantsa. Har na buɗe baki zan yi kabbara. A daidai nan aka kira Baba daga tsallaken titi, ya miƙe.

Ban san benci yana da sauri haka ba. Ƙarshen da Baba ya bari ya yi sama, nawa ya yi ƙasa, na kama bokitin da nufin tsira, shi kuma igiya ɗaya ta ɗaure shi da 'yan uwansa. Muka taho gaba ɗaya. Na zauna daram cikin bahon wanka, irin babban nan na jarirai, gwiwoyina a ƙirji, hulata ta yi nata wuri, kwandunan tsane shinkafa suna ta gangarawa titi. Bahon kuma ya riƙe ni, na yunƙura ya taso tare da ni. Yaran shago suka fito, ɗaya yana cewa ɓarawo ne, ɗaya yana cewa a'a, ma'aikacin haraji ne, su ne ke ɗaukar hoton alluna. Babban cikinsu ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, me kake nema a sama?" Ni kuma daga cikin baho, da cikakkiyar murya, na ce, "Ƙafar R nake dubawa." Aka yi shiru. Wata mata mai sayen kofuna ta ja ɗanta baya ta ce, "Allah sarki, ga shi da tsafta."

Baba fa? Ya dawo da rediyonsa, ya dube ni ya ce ai shi tun farko ya ga hawan nan ba na hankali ba ne. Tun farko! Mutumin da ya ce hau abinka. Har ya shiga gaya wa jama'a cewa yaran yanzu waya ta gama da su. Daga baya na ji kiran da aka yi masa ma ba nasa ba ne, wani mai suna irin nasa ake nema. Bai taya tsince kwando ko ɗaya ba, ya gyara bencin ya koma mazauninsa, kuma mai shayi ni ya caji kuɗin ƙusar da ta fita.

Duk da haka ban faɗi a banza ba. Daga kusa jan kalmar GIRKI ya fi na sauran haske. Ashe rana ce ta ɓare sitikar wajen, wani ya sake yanka kalmar da abin da ya samu a kwamfutarsa, kuma da yake faɗin ɗaya ne ta zauna a gurbin ba wanda ya lura. Allo ɗaya, samfuri biyu. Ƙugiyar Ɗ kuwa ba ta kowane samfuri ba ce, D aka yanka, aka liƙa mata guntun sitika da aka gyara da reza, shi ya sa ta ƊAI na farko ta fi ta biyun tsawo. Sauran haruffan ma ba zan rantse Helvetica ce ta asali ba, don samfurin Swiss 721 da ke zuwa da CorelDRAW kwafinta ne, kuma daga sitikar da ta sha rana ba ka raba su.

Da daddare na kira Alhaji na zayyana masa duka, gemu da ƙafa da baki. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, madalla. Kawai ka yi shi da ja, ya fito manya-manya." Sannan ya ce yara sun gaya masa bahon ya tsage, amma ba komai, zai cire a kuɗin aiki a farashin sari.