Kafin ka sayi tokin, ka tambayi nawa ke sito kuma wa ke riƙe da makulli

Ranar Asabar da ta wuce ƙanina ya same ni a shago a Taminus, ya miƙo min waya hannunsa har rawa yake. Ya ce, "Yaya, wannan karon na yi bincike, har farar takardarsu na karanta." Yaron nan gyaran waya yake yi, kuma naira 400,000 da ya yi wata bakwai yana tarawa yake shirin zubawa a wani sabon tokin, wato kuɗin kirifto irin wanda masu wani aiki ke ƙirƙira su sayar, da ake ta yayatawa a guruf ɗinsu. Ba zan kama sunan tokin ɗin ba. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne na lura da yawa daga cikin matasanmu sun fara buɗe waitfefa, wato farar takardar da masu aiki ke fitarwa, amma suna tsayawa a shafukan da ba su da amfani, suna tsallake shafi ɗaya ko biyu da kuɗinsu ke rataye a kai.

Takardar da ya nuna min shafi 42 ce. Shafi talatin na farko duk labari ne: za su sauya harkar noma a Afirka, za su haɗa manomi da mai saye, ga hotuna masu kyau. Na ce masa wannan ɓangaren ko wa zai iya rubutawa. Takardar Bitcoin da Satoshi Nakamoto ya fitar a 2008 shafi 9 ce kacal, babu hoton kowa, babu alkawarin riba, bayani ne kawai na yadda za a tura kuɗi ba tare da banki a tsakani ba, da yadda za a hana mutum kashe kuɗi ɗaya sau biyu. Yawan shafi ba ya nuna komai. Ni idan na buɗe irin wannan takarda, kai tsaye nake wucewa shafin da aka rubuta Tokenomics, inda ake faɗin yawan tokin, yadda aka raba shi, da ranar da kowa zai samu damar sayar da nasa.

Duk ɗan Jos ya san kasuwar Farin Gada. Ka je da sassafe ka tarar da kwando goma na tumatur kawai a ƙasa, masu saye sun yi yawa, farashi ya haura. To a ce a bayan kasuwa akwai manyan motoci shaƙe da tumatur ba a sauke ba tukuna. Wanda ya saya da tsada da safe don ya sayar da yamma, bai san da motocin ba, shi ne zai kwana a ciki. Haka tokin yake. Abin da ke hannun jama'a a yanzu shi ne kake gani an rubuta Circulating Supply a shafukan duba farashi na CoinMarketCap ko CoinGecko. Duka abin da aka ƙirƙira, har da wanda ke kulle, shi ne Total Supply. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce motocin da ba a sauke ba.

Muka zauna da biro da takarda. Yawan tokin ɗin gaba ɗaya biliyan 1 ne, ana sayar da kowane ɗaya santi 5 na dala. Abin da aka fitar wa jama'a kashi 8 cikin 100 ne, wato miliyan 80. Idan ka ninka miliyan 80 da santi 5 za ka samu dala miliyan 4, wannan shi ne Market Cap, kuma shi ake ta nuna musu a guruf ana cewa har yanzu ƙarami ne, zai ninka sau ɗari. Amma idan ka ninka biliyan 1 ɗin duka da santi 5, dala miliyan 50 ce. Wannan adadin shi ake kira FDV, kuma shi ne ainihin farashin da ake sayar maka da aikin. Na tambaye shi ko ya yarda manhajar da ba a ma gama ginawa ba ta kai dala miliyan 50. Ya yi shiru.

Wannan lissafin ne mutanenmu ba su yi ba lokacin Hamster Kombat a 2024. Yawan tokin ɗin biliyan 100 ne, amma akwai waɗanda suka riƙa lissafin dala 1 a kan kowane ɗaya, abin da ke nufin aikin zai kai dala biliyan 100. Da an yi wannan ninkin da wuri, da ba a yi ta kwana ana danna waya da irin wancan buri ba.

Sai muka koma kan rabon. Masu aikin sun ware wa kansu kashi 20. Masu zuba jari na farko kashi 18. Wani abu da suka kira bunƙasa al'umma kashi 30, baitulmali kashi 14, talla kashi 10, sannan kashi 8 na jama'a. Ni ban ga laifi don masu aiki sun ɗauki kaso ba, ai wanda ya yi wahala dole ya ci. Tambayata ita ce nawa suka saya, kuma yaushe za a buɗe musu. A can ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa masu jarin farko sun saya a rabin santi. Ƙanina zai saya a santi 5. Tun kafin a fara ciniki sun ninka kuɗinsu sau goma.

A nan ne nake so kowa ya nutsu. Kalmomi biyu za ka nema a shafin: Cliff da Vesting. Ta farko tana nufin tsawon lokacin da kasonsu zai zauna a kulle ba a taɓa ko ɗaya ba. Ta biyu tana nufin yadda za a riƙa sakar musu kaɗan-kaɗan bayan wa'adin ya cika. A takardar nan kullen wata 6 ne ga masu jari da masu aiki. Daga nan masu jari za su karɓi miliyan 180 ɗinsu cikin wata 12, wato miliyan 15 duk wata. Masu aiki za su karɓi miliyan 200 cikin wata 20, wato miliyan 10 duk wata. Ka haɗa, daga wata na bakwai tokin miliyan 25 ke iya shigowa kasuwa kowane wata, a kasuwar da duka-duka miliyan 80 ke yawo a cikinta. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan a watan farko kaɗai. Idan duk suka sayar, to kafin farashin ya tsaya a santi 5 sai an samu sababbin masu saye da za su kawo dala miliyan 1 da dubu 250 duk wata. Bayan shekara ɗaya da fara buɗewa, miliyan 80 ta zama miliyan 380.

Kuma ba sa buƙatar farashin ya tsaya. A ce ya faɗi zuwa santi 1. Mai jarin farko har yanzu ya ninka kuɗinsa sau biyu, zai sayar hankalinsa kwance. Ƙanina kuwa naira 400,000 ɗinsa ta koma 80,000. Kasuwa ɗaya, rana ɗaya, wani na cin riba wani na hawaye, kuma an rubuta hakan ɓaro-ɓaro a takardar tun farko. A ayyukan da masu su ke da niyyar zama, abin da aka saba gani shi ne kullen shekara ɗaya, sannan a raba sakin a kan shekara uku ko huɗu. Wanda ya yarda da abin da yake ginawa ba ya gaggawar karɓe kasonsa cikin wata shida.

Amma takarda takarda ce, ko me aka ga dama za a rubuta. Gani ya kori ji. Muka ɗauki adireshin kwantiragin tokin ɗin, wato ƴar manhajar da ke tafiyar da shi, muka saka a BscScan, shafin da ke nuna inda tokin yake, muka danna Holders, inda ake jero walet ɗin da suka fi kowa riƙe tokin. Idan da gaske an kulle kason masu aiki, za ka gan shi zaune a kwantiragin kulle, kuma akwai ƴar alama a gefen adireshin da ke nuna kwantiragi ne. Mun ga na masu jari a haka. Kashi 30 na bunƙasa al'umma kuwa, tokin miliyan 300, yana zaune a walet na gama-gari, irin wanda mutum ɗaya mai makulli zai iya kwashewa cikin dare. Takardar ba ta faɗi ranar sakinsa ba, ba ta faɗi wa ke sa hannu ba. Wannan ya fi duk sauran tayar min da hankali, domin kuɗin da ke cikin rumbun cinikin tokin ɗin, wanda ake rubutawa Liquidity, bai wuce dala 150,000 ba. Ɗan kaɗan daga miliyan 300 ɗin nan aka zuba, rumbun ya ƙafe. Idan kuma ka iya, ka danna Contract ka nemi kalmar `mint`, ka ga ko mai aikin na da ikon ƙirƙiro ƙarin tokin bayan biliyan ɗin da ya faɗa. Bitcoin ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma babu mutum ɗaya da zai tashi ya canza hakan shi kaɗai.

Ƙanina ya ce, "Amma Yaya, suna ba da ribar kashi 120 a shekara idan ka ajiye musu." Na ce da wane kuɗi za su biya? Muka duba, da tokin ɗin nasu za su biya, daga cikin kashi 30 ɗin nan. Wato za a ƙara maka yawan kwanduna a kasuwar da tumatur ya riga ya yi yawa. Riba ta gaskiya tana fitowa ne daga wani da ya biya kuɗi don amfanin da ya samu. Ko Terra, wata harkar kirifto wadda manyan masu jari na duniya suka tsaya mata, tana biyan kusan kashi 20 a shekara ta hanyar manhajar ajiya ta Anchor ba tare da kuɗin shiga da ya kai hakan ba, kuma a watan Mayun 2022 ta rushe cikin ƴan kwanaki. Don haka ka nemi jimla ɗaya a takardar da ke faɗin wanda dole ne ya sayi tokin ɗin don yin wani aiki. A tasu, manomi na iya biya da naira, ba ya buƙatar tokin ɗin ko kaɗan.

Zan faɗi gaskiya a kan iyakar wannan hanya. Rabo mai kyau ba ya tabbatar da cewa aiki zai yi nasara, akwai masu tsari mai tsafta da suka mutu don babu mai amfani da abin da suka gina. Kuma ba kowace buɗewa ce ke karya farashi ba, idan masu buƙata sun fi kayan da aka sauke yawa. Abin da lissafin ke yi maka shi ne ya nuna maka wa ke gabanka a layin sayarwa, da nawa ya saya, da ranar da za a buɗe masa ƙofa.

Kafin ya tafi na ce ya rubuta tambaya ɗaya a guruf ɗin masu aikin na Telegram: ina adireshin kwantiragin da aka kulle kashi 30 ɗin, kuma wace rana za a fara sakinsa? Ya rubuta da ladabi, ni na gani. Bayan Magariba ya kira ni ya ce an goge saƙon, da ya sake turawa aka cire shi daga guruf ɗin. Ranar Litinin ya ɗauki naira 150,000 daga kuɗin ya saro sikirin da batiran waya, sauran kuma yana asusunsa.