Sanarwa ga ma'aikata: abin da ya sa intanet ɗin ofis ke jan ƙafa yau

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan aiki.

Tun ƙarfe tara na safiyar yau mutane ke sallama a ƙofar ɗakina, kowa da ƙorafi iri ɗaya: netwok ba ya tafiya. Wata 'yar'uwarmu a sashen kuɗi ta shafe fiye da rabin awa tana ƙoƙarin tura takardar albashi, ganawar bidiyo da aka shirya da ƙarfe goma ta yanke sau uku har aka haƙura aka koma kiran waya, wani kuma ya tsaya a kaina yana cewa in kira kamfanin da ke ba mu intanet in zazzage musu. Ban kira su ba, domin laifin ba nasu ba ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya tsamar da namu yau yana zaune tare da mu a cikin ginin nan.

Na san wasu sun tuna da ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna da ofisoshi a Nijeriya da Ghana suka shiga wahala. Tun daga wancan lokacin, duk sanda shafi ya ƙi buɗewa sai a ce teku ce. Yau teku lafiyarta ƙalau. Abin da na fara yi shi ne na buɗe kwamfutata na auna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je waje ya dawo, kuma kowa na iya yin wannan da kansa:

```
ping 8.8.8.8
```

A ranar da komai ke daidai, adadin da ke fitowa bayan `time=` a ofishin nan ba ya kai 100ms, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Da safen nan yana yawo ne tsakanin 900ms da 2000ms, wani lokaci ma ya rubuto `Request timed out`. Na auna tsakanina da rautar ofis, wato na'urar da ke raba mana intanet, na ga amsa tana dawowa nan take, alamar igiyoyin cikin gini da na'urarmu lafiya suke. Sai na shiga shafin rautar domin in ga wa ke jan me, a nan na ga abin da ya ɓata mini rai. Wayoyin hannu uku, ba kwamfutocin aiki ba, su ne suka cinye hanyar fita gaba ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu tana ta loda bidiyon biki tun ƙarfe takwas da rabi.

Bari in yi bayanin yadda waya ɗaya za ta durƙusar da mutum talatin, domin na lura da yawanmu ba su yarda hakan na yiwuwa ba. Layin da ofis ke biya yana da hanya biyu, kuma ba faɗinsu ɗaya ba. Hanyar shigowa, wadda shafuka da saƙonni ke biyowa su iso gare mu, megabit 20 ce a daƙiƙa. Hanyar fita, wadda muke tura abu waje ta cikinta, megabit 5 ce kacal. Megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, saboda haka hanyar fitarmu ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce kimanin megabait 37 a minti guda, ko da babu kowa a kanta. Mai wayar da na ambata ya je ɗaurin aure da walima a ƙarshen mako, ya ɗauki bidiyo na kusan gigabait 6. Idan aka raba megabait 6,000 da 37, za a samu kusan awa biyu da minti arba'in. Wannan shi ne tsawon lokacin da wayarsa kaɗai take buƙatar riƙe ƙofar fitar ofis, ita kuwa ba ta san akwai takardar albashi a bayanta ba.

Za a ce, to idan hanyar fita ce ta cika, me ya hana shafuka buɗewa, alhali su shigowa suke yi? Dalili shi ne babu abin da ke shigowa sai an aika an nemo shi. Duk lokacin da kuka danna wani shafi, kwamfutarku tana tura ɗan ƙaramin saƙon buƙata, kuma yayin da kaya ke isowa tana ta mayar da amsa cewa wannan ya iso, a turo na gaba. Waɗannan ƙananan saƙonni duk ta ƙofar fita suke bi. Idan suka tarar da dogon layin gutsattsarin bidiyo a cikin rauta, dole su tsaya a baya su jira, ɓangaren da ke turo mana kaya kuma da ya ji shiru sai ya rage saurin turowa. Haka za a ga megabit 20 na shigowa suna zaune babu mai amfani da rabinsu, kowa kuma yana kuka. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Ganawar bidiyo ita ta fi shan wahala, domin murya ba ta jure jira. Idan kalma ta makara da daƙiƙa biyu, ta riga ta zama ba ta da amfani.

Na je na sami ɗan'uwan namu a teburinsa, ba zan kuma faɗi sunansa ba. Wayar tana kife a kan fayil, tana caji, shi kuma yana ta danna kwamfutarsa yana tsaki, har ya riga ni cewa netwok ɗin yau ya yi muni. Da na nuna masa, sai ya rantse bai tura komai ba, kuma na yarda da shi. Manhajojin ajiyar hotuna irin su Google Photos an saita su ne su jira har sai waya ta hau waifai kafin su fara kwashe hotuna da bidiyo, domin kada su cinye wa mai waya datarsa. Wayar ta yi haƙuri Asabar da Lahadi a gida, tana shigowa ƙofar ofis ranar Litinin ta ga banza ta faɗi. Muna kashe `Backup` a wayarsa da sauran biyun, ban koma kujerata ba sai da adadin nan ya sauko ƙasa da 100ms.

Amma rashin sani na rana ɗaya daban, ɗabi'a daban, kuma ɗabi'ar ce ta sa na zauna rubuta wannan. Mu talatin ne a ofishin nan, amma na'urori saba'in da huɗu na ƙirga a kan waifai yau. Akwai mai waya biyu da ya ɗora su duka, akwai wanda ya zo da kwamfutar ɗansa domin ta sabunta kanta a nan, akwai kuma sunayen wayoyin da ban taɓa gani ba, waɗanda nake kyautata zaton na masu shagunan bakin ƙofa ne da wani mai kirki ya ba su kalmar sirri. Mutum zai hana kansa kallon bidiyo a gida saboda yana tausayin datarsa, ya tara komai har sai ya zo wurin aiki, sannan ya sake wa wayarsa linzami. Wanda ya san zafin kuɗin data har yake lissafa ta da megabait, ya san sarai abin da yake yi idan ya zo ya juye nauyinsa a kan layin jama'a. Kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu wannan hali su ne kan gaba wajen ƙorafi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hanyar shigowar ma ba ta tsira ba. Bidiyon YouTube mai ingancin 1080p yana buƙatar kimanin megabit 5 a daƙiƙa, ke nan mutum huɗu masu kallon maimaicin ƙwallon jiya sun isa su shanye layin ofis ƙaf. Na sha wucewa in ga an buɗe wa'azi ko labarai a wani shafi, an rage murya, an tafi salla ko cin abinci, bidiyon yana ta zuba babu mai kallo, kamar famfon da aka bari a buɗe. Wannan halin ne dai ke sa a bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a ofishin da babu kowa alhali ana kan janareta, shi ne kuma ke sa firinta ta ƙare tawada a kan katin gayyatar suna. Abin da ba a ga an zaro kuɗinsa daga aljihu ba, sai a ɗauka daga sama yake saukowa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma na yarda da nawa kason. Ya kamata tun tuni in raba waifai gida biyu, na aiki daban, na wayoyin hannu daban tare da ƙayyade musu abin da za su iya ja. Na yi ta jinkiri ne saboda ina ganin mu manya ne, magana ta isa. Waɗanda suka daɗe a nan za su tuna lokacin da kwamfuta ɗaya ce tak ke da intanet a ginin nan, a ɗakin sakatare. Mutum yakan rubuta wasiƙarsa tsaf a takarda kafin ya zo, ya zauna minti biyar ya tura, ya tashi ya ba na bayansa wuri, har ya ba shi haƙurin jira. Layin wancan zamanin bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda muke da shi yanzu ba, amma ban tuna ranar da aikin albashi ya tsaya saboda shi ba. A lokacin kana ganin fuskar wanda kake tarewa, kunya kuma tana aiki. Yanzu da layin ya koma ba a ganinsa, sai kunyar ta bi shi ta ɓace, har yaron da aka ɗauka aiki watan jiya tambayarsa ta farko, kafin ya san inda teburinsa yake, ita ce kalmar sirrin waifai.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowa ya duba wayarsa yau, ya dakatar da ajiyar hotuna ta atomatik a lokacin aiki, ko ya shiga saitin waifai na ofis ya mayar da shi `Metered`, domin wayar ta ɗauke shi tamkar data mai tsada ta daina sakin jiki. Wanda dole ne ya kalli bidiyo saboda aiki, ya sauke shi zuwa 480p, wanda ba ya cin abin da ya wuce megabit ɗaya da ɗoriya. Mai babban fayil na aiki da zai tura, ya bari sai bayan la'asar ko ya sanar da ni tukuna, musamman idan ya san ana ganawa. Sauran kuma kowa ya san abin da yake yi, ba sai na bi tebur-tebur ba.

Gobe da ƙarfe takwas na safe zan canza kalmar sirri. Kwamfutocin aiki ni zan zagaya in saka musu da hannuna, ba zan rubuta ta a allo ba, ba kuma zan faɗa wa kowa a baki ba. Wayoyin hannu za su sami nasu layin daban mai megabit 1 na fita, su raba a tsakaninsu. Mai bidiyon biki na gigabait 6 da ke son lodawa ta nan, lissafi ya nuna zai jira fiye da awa 13.

Na gode, Allah Ya ba mu ikon gyarawa.