Gaskiya ce, amma ba ita aka tambaya ba

Ku daina zagin malamin nan, bai zalunci ɗan kowa ba. Na ga takardar jarrabawar da ya duba wadda kuke ta yaɗawa tun jiya, kuma ko ni aka ba wa jan biro, zan soke amsar yaron.

Ku sake duba ta da idon basira. An ba yara ɗan labari a kan yadda haƙar kuza ta jawo mutane daga Kano, Zariya da Bauchi zuwa Jos. Aka ce: bisa abin da labarin ya faɗa, me ya kawo su? Yaro ya tsallake B, wato neman aiki a wuraren haƙar kuza, ya ɗauki A, cewa Jos gari ne mai sanyi. Yanzu iyaye sun taso, wai ai kowa ya san Jos da sanyi. Wa ya musa? Mu da muke kwana da rigar sanyi a watan Disamba ba mu buƙatar shaida. Amma ba a tambayi yaro ko Jos na da sanyi ba. An tambaye shi dalilin da marubucin ya bayar, kuma marubucin bai taɓa cewa sanyi ne ya kawo kowa ba.

Wani ya ce ai an ambaci sanyin a sakin layi na farko. An ambata, a wajen siffanta garin. Kasancewar magana a cikin labari bai mayar da ita dalili ba, kuma tarkon ke nan. Da gangan mai tsara tambaya yake ɗauko jimla ta gaskiya daga wani gefe ya ajiye, don ya raba wanda ya karanta ya gane da wanda ya hango kalmar da ya sani ya cafke. In da duk sauran zaɓin ƙarya ce tsagwaronta, wanda bai karanta labarin ba ma sai ya ci. To me aka gwada?

Dubi C ma: Jos ce hedkwatar jihar Filato. Gaskiya ce, amma sai a 1976 aka ƙirƙiro jihar, alhali hijirar da ake magana ta faru ne tun zamanin Turawa.

Don Allah ku koya wa yaranku abu ɗaya. Yaro ya haɗa tambayar da zaɓin ya karanta su tare: mutane sun zo Jos saboda kaza. Sannan ya ɗora yatsa a kan layin da ya faɗi haka. In babu layin, ya bar zaɓin komai gaskiyarsa. Kwamfutar JAMB ba za ta saurari "ai haka ne" ba, ina jin tsoron ranar da yaron nan zai zauna gabanta da wannan ɗabi'ar.

Abin da ya kamata ku yi wa makarantar faɗa a kai shi ne hoton takardar. Tawada ta dusashe har layin ƙarshe ba ya karantuwa, alhali kowane zango ana karɓar kuɗin jarrabawa.